Kurakuran da aka fi yi wajen karanta Freeze Frame

Babbar ɓarnar da ake yi a gareji ita ce a jona sikana, a ga lambar matsala, a danna Erase nan take. Lokacin da kwamfutar mota ta gano matsala, tana adana halin da inji ke ciki a daidai wannan daƙiƙa: gudun inji, zafin ruwa, nauyin aiki, saurin mota da gyaran da take yi wa mai. Shi ne Freeze Frame, kuma goge lamba yana tafiya da shi. Kafin ka taɓa komai, buɗe shi ka ɗauki hotonsa da waya.

Kuskure na biyu shi ne a tsaya kan lamba kaɗai. A ce Corolla ta zo da P0171, wato iska ta rinjayi mai. Da yawa sai su sauya sansar okisijin, alhali ita rahoto kawai ta kai. Ga abin da aka adana:

```
RPM 720
VSS 0 km/h
ECT 88°C
FUELSYS1 CL
LONGFT1 +25%
```

Mota na tsaye, inji ya yi zafi yana silo, kwamfuta kuma ta ƙara mai da kashi 25 cikin ɗari. A silo maƙogwaron totur a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, don haka ɗan tsagewa a tiyo ko gasket ɗin manifol ya isa ya rikita lissafi. Can za ka fara nema. Don ka tabbatar, koma Live Data, ka haɗa SHRTFT1 da LONGFT1, wato gyaran mai na nan take da na dogon lokaci, a silo, sannan ka riƙe inji a 2500. In jimillar ta sauko kusa da sifili, iska ce ke satar hanya.

Da kuwa lambar ta kama ne a RPM 3000, mota na gudun kilomita 100, da zargi ya koma kan famfon mai mai rauni, matacin mai da ya toshe, ko datti a sansar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga inji. A nan sai ka gwada motar a kan titi da irin wannan gudun, domin a tsaye cikin gareji ba za ta nuna maka komai ba.

Duba kuma wace lamba ce ta ajiye bayanin. Ƙananan sikana Freeze Frame guda ɗaya tak suke nunawa, kuma matsalar mai ko tsallen wuta, irin P0300, tana iya ture wadda ta riga ta. Layin DTCFRZF zai gaya maka mai shi, kada ka jingina shi ga duk lambobin da suka fito.

Sai ma'aunin zafi: duba ko sikana tana nuna ECT, wato zafin ruwan inji, a °F ne ko a °C. 190 a °F daidai yake da 88 a °C, ba tafasa ba ne. ECT -40 kuwa yawanci waya ce ta tsinke ko soket ya zare.