Yadda za ka tsara bidiyon wata guda daga harkokinka na mako

Ana yawan tambayata yadda nake samun abin ɗorawa a TikTok ba tare da dabara ta ƙare ba. Ga matakan, da misalin mai sayar da yadi a Kantin Kwari.

1. Rubuta abin da kake yi kowace rana, daga Asabar zuwa Juma'a.

2. Zaɓi kwana 3 da aikinsu ke maimaituwa duk mako.

3. Ba kowace rana jigonta. Litinin buɗe sabon kaya, Laraba amsa tambayar kwastoma, Juma'a tufafin zuwa masallaci.

4. Ja layi 4 a takarda, kowanne na mako ɗaya.

5. Cike gurbi 12 ɗin, kana sauya kaya ko tambaya. Laraba ta farko yadda ake gane shadda mai kyau, ta biyu yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando, ta uku wankin da ba ya kashe ƙyallin shadda.

Hattara: a nan aka fi kuskure. Kada ka rubuta "bidiyon shadda" kawai. Rubuta jimlar da za ka fara faɗa, don ita ke tsayar da mai kallo.

6. Ɗauki bidiyon da safe, kafin kasuwa ta cika da hayaniya.

7. Nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman mata.

8. Ajiye bidiyo 2 a waya saboda ranar da caji ko data ya yanke.

9. A mako na huɗu, kwashe tambayoyin masu kallo ka cike Larabobin wata mai zuwa da su.