Manhajar gano rubutun na'ura iri biyu ce, kuma kowace da inda take tuntuɓe

Malaman lise da na jami'a a Garwa, Marwa da Ngaundere sun fara zuba aikin ɗalibai cikin manhajojin da ke cewa suna gane abin da ChatGPT ya rubuta. Lamba ta fito, a ce kashi 90, malam ya ja jan biro. Babban kuskuren yana faruwa tun kafin lambar ta fito, wato ɗaukar cewa manhajojin nan duk aiki ɗaya suke yi. Iri biyu ne, kuma abin da ke ruɗa wannan dabam yake da abin da ke ruɗa waccan.

Ta farko mai rarrabewa ce. An tara mata tuli biyu na rubutu, ɗaya na mutane, ɗaya na na'ura, kowane da alamarsa, aka horar da ita har ta koyi bambanta su. Misali, wadda OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ya fitar a 2019 an gina ta ne a kan wani injin harshe mai suna RoBERTa, aka ciyar da ita da rubutun GPT-2, tsohon injin rubutu na kamfanin, da kuma shafukan intanet na Turanci da aka horar da GPT-2 ɗin da su. Iyakar saninta ke nan. Ba ta san yadda ɗan Garwa ke rubuta Faransanci ba, ba ta kuma san injin da aka ƙera bayan an gama horar da ita ba. Idan ka ba ta abin da bai yi kama da tulin farko ko na biyu ba, ba za ta ce "ban sani ba". Dole ta jefa shi wani ɓangare, kuma wani lokaci da cikakken ƙarfin hali take jefawa. Shi kansa OpenAI da ya fitar da sabuwa a Janairun 2023, ya faɗa da bakinsa cewa kashi 26 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifi. Ya ce a yi amfani da ita a Turanci kaɗai, kuma ba abin dogaro ba ce ga rubutun da bai kai haruffa 1,000 ba. A Yulin wannan shekarar ya janye ta saboda ƙarancin daidaito. To gyaran a nan tambaya ce: da wane harshe aka horar da ita, da rubutun wane inji, kuma yaushe? In shafin manhajar bai ambaci Faransanci ba, ajiye ta.

Ta biyu mai lissafi ce, kuma ita ba a taɓa nuna mata tuli biyu ba. Tana aro injin hasashen kalma, ta bi rubutun kalma bayan kalma tana tambaya: yaya wannan kalmar ta zo wa injin, yana tsammaninta ko ta ba shi mamaki? In ka rubuta "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana", kowa ya san "lafiya" ce ke tafe. Ma'aunin wannan mamakin shi ne abin da za ka gani a allo da sunan `perplexity`. In a kowane mataki injin kamar yana zaɓe ne tsakanin kalmomi biyu, lambar 2 ce. In tsakanin ashirin ne, 20 ce. Tunda na'ura kan ɗauki kalmar da ta fi yiwuwa, rubutunta kan ba da ƙaramar lamba. Manhajar GLTR ta 2019 haka take aiki, tana shafa wa kowace kalma launi gwargwadon matsayinta a hasashen GPT-2. DetectGPT na 2023 ya ƙara dabara: yana ɗan sassauya jimlolin ya ga ko yiwuwarsu ta faɗi, domin rubutun na'ura kan zauna a ƙololuwa.

Kuskuren da ya fi cutar da ɗalibanmu shi ne fassara ƙaramar lamba da "na'ura ce". Abin da lambar ke faɗa kawai shi ne rubutun yana da sauƙin hasashe. Yaron da ke Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci sai a aji, yakan riƙe kalmomin da ya tabbata da su, ya kuma maimaita jimlolin buɗewa da rufewa da aka sa shi haddacewa don jarrabawa. Wannan rubutu ne mai sauƙin hasashe, kuma da guminsa ya yi shi. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai a 2023 a kan insha'i 91 na jarrabawar Turanci ta TOEFL, waɗanda masu koyon Turanci a matsayin baƙon harshe suka rubuta. A matsakaici an kira kimanin kashi 61 daga cikinsu rubutun na'ura, alhali na yaran Amurka kusan duk ya wuce lafiya. Haka ma nassin da injin ya riga ya haddace: an sha zuba Tsarin Mulkin Amurka manhaja ta ce na'ura ta rubuta. Ɗalibin shari'a da ya cika aikinsa da sassan doka yana cikin wannan haɗari.

Da Hausa kuwa lamarin kan juye. Injin da bai ga Hausa sosai ba yana gutsuttsura kalmominmu, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ, kusan komai yana ba shi mamaki, sai lambar ta hau ko da na'ura ce ta yi rubutun. Wasu kan yi wayo su fassara aikin zuwa Turanci da Google Translate sannan su gwada. Wannan kam ɓata lokaci ne, domin abin da aka gwada yanzu fitowar na'ura ce da gaske.

Gyaran da ya fi kowane amfani shi ne ka gwada manhajar kafin ka gwada yara da ita. A ce kana da ɗalibai 120. Ɗauko takardun jarrabawa 40 da aka rubuta da hannu a gabanka cikin aji, ko ayyukan da aka miƙa kafin Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito. Buga su yadda suke, kar ka gyara ko harafi. A ce manhajar ta zargi 6 daga ciki, wato kashi 15. In ɗalibai 100 cikin 120 ɗin da kansu suka yi aikin, za ta nuna maka kusan 15 da ba su ji ba ba su gani ba. In kuma ta kama rabin sauran 20 ɗin, 10 ke nan. Jerin zarginka zai ƙunshi mutum 25, kuma marasa laifi sun fi yawa a ciki. Sai ka duba waɗannan 6 ɗin da kyau. In masu tsaftataccen rubutu ne mai sauƙi, alamar lissafin hasashe ne ke tafiyar da ita. In zargin ya watsu ba tsari, ko ya taru a kan jigo ɗaya, wataƙila mai rarrabewa ce da ta fita daga filin da ta sani. Ka kuma sa na'ura ta rubuta guda goma a kan jigon, ka sake wa biyar kalmomi da hannunka, ka ga nawa za su tsira, domin sake fasalin jimla yana raunana iri biyun duka.

Kar kuma ka ɗauki yardar manhajoji biyu a matsayin shaidu biyu. Da yawa daga na kasuwa ba sa bayyana abin da ke cikinsu, kuma in duka biyun a kan sauƙin hasashe suka jingina, kuskure ɗaya za su maimaita. In lamba ta tayar maka da shakka, kira ɗalibin, ka ce ya kawo daftarinsa na farko, ya bayyana maka sakin layi na uku da bakinsa, ya kuma nuna inda ya samo majiyoyi biyu da ya ambata.