Yuro biyar ko yuro ɗari? Yadda za ka saba kunnenka da Faransancin Paris

A hunturuna na farko a Paris na je wata kasuwar gwanjo neman rigar sanyi. Na ɗaga wata mai kauri, na tambayi kuɗinta, mai kayan ya ce wani abu mai kama da "son-tero". Na yi murna a raina, na zaro takardar yuro biyar na miƙa masa. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ɗauko biro ya rubuta 100 a jikin kwali. Ga shi kuwa na yi watanni ina haddace lambobi, na san *cinq* biyar ne, *cent* ɗari. A rubuce na san su, kunnena ne bai san su ba. Abu biyu suka haɗu suka kā da ni ran nan: wasulan hanci, da kuma abin da Faransawa ke kira liyezon, wato ɗinke ƙarshen kalma da farkon ta gaba.

Mu fara da hancin. Idan Bahaushe ya ce "nan" ko "can", wasalin yana fita, sannan bayan harshe ya tashi ya rufe hanyar iska, sai a ji ɗan gunji a ƙarshe. Bafaranshen Paris ba ya rufe komai. Idan ya ga *an* ko *in* ko *on* a ƙarshen kalma ko gaban wani baƙi, n ɗin alama ce kurum, tana gaya masa ya bar iska ta bi baki da hanci lokaci guda. Gwada da kanka: ja "aa" mai tsawo, ka sassauta ganɗa iska ta shiga hanci, harshe yana kwance bai taɓa ko'ina ba. In ka toshe hanci da yatsu sautin ya shaƙe amma bai yanke ba, ka samu. In ya yanke ɗif, to n ɗin Hausa ka yi.

Wasulan hancin uku ne a bakin mutanen Paris, kuma leɓe ne ke raba su. Na *cinq* da *vingt*, wato ashirin, da *pain*, wato burodi, ana yin sa leɓe a baje, kamar mai shirin murmushi. Na *cent* da *an* baki a buɗe, sautin yana can baya. Na *bon* da *onze* leɓe a tsuke kamar mai hura wuta. Akwai na huɗu, na *un* da *brun*, wanda har yanzu ake bambantawa a kudancin Faransa da Beljiyam da Kebek, amma a Paris ya narke cikin na farko.

Ga inda ƙurar take. Faransancin da 'yan'uwanmu suka koya a lakwal a Maraɗi ko Damagaram yana bin rubutu kusa-kusa: biyar "senk", ɗari "san". A Paris kuwa wasulan sun gusa. Na biyar ya buɗe har kunnen Bahaushe yana jin sa kamar "an", na ɗari ya koma baya ya ɗan zagaye har yana kama da "on". Don haka wanda ya zo daga Yamai da Faransancinsa tsaf yana iya jin "san" a bakin mai kanti ya ɗauka ɗari ake nufi, alhali farkon biyar ne. Wanda Allah ya kai Marseille a kudancin Faransa shi ya huta, don can "pen" suke ce wa burodi, da gunjin nan na ƙarshe irin namu.

Liyezon kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu in an lura. Muna rubuta "gidan Bala" mu ce "gidam Bala", wasu su rubuta "rigar Musa" su ce "rigam Musa". Bambancin shi ne, mu duk kalmar da ta fara da wasali muna ɗan datse murya kafin ta, irin datsewar tsakiyar "a'a", shi ya sa kunnenmu ke jiran wannan datsewa don ya gane sabuwar kalma ta fara. Faransanci ba ya datsewa. Baƙin da ke barci a ƙarshen kalma sai ya farka ya haye kan wasalin gaba, su tashi gaɓa ɗaya. Kalmar da kake jira, *euros*, ba za ka ji ta tsirara ba, sai dai "kero" ko "tero" ko "zero".

To da zarar ka san haka, baƙin nan da ya rikita ka shi zai cece ka. Koma kan rigata. *Cinq euros* yana fita "san-kero", *vingt euros* "van-tero", *cent euros* "son-tero", *deux cents euros*, wato yuro ɗari biyu, kuma "de-son-zero", domin s na jam'i yana zama z. Ko wasalin ya kuɓuce maka, saurari abin da ke tsakiya. K biyar ce. A cikin waɗannan, t ashirin ne ko ɗari, farkon kalmar zai raba maka su. Da na san wannan, da t ɗin mai gwanjo ya ishe ni shaida. Sai dai dabarar tana da iyaka. Faransawa da yawa ba sa ɗinke *cent* da *euros*, sai su ce "son-ero", kuma k na biyar yakan faɗi gaban baƙi, har *cinq cents*, ɗari biyar, ya zama "san-son". A nan ba makawa sai kunne ya iya raba wasulan. In kuɗin mai yawa ne, kada ka ji kunyar cewa a rubuta maka.

Haka lamarin yake a lokaci da shekaru. Goma "dis" ce in tana tsaye ita kaɗai, "di" a *dix minutes*, "diz" a *dix heures*. Tara kuwa f ɗinta komawa v yake yi a *neuf heures* da *neuf ans*. Wanda ya fi cin mutane shi ne *deux heures* da *douze heures*: duk biyun da z suke fita, wasalin farko kaɗai ya raba ƙarfe biyu da sha biyu. In an ba ka ranar ganin likita ta waya, maimaita da *quatorze heures*, wato ƙarfe biyun rana, ko *midi*, wato sha biyun rana, su tabbatar maka. Shi ya sa nake ce wa duk sabon zuwa ya daina haddace lamba ita kaɗai, ya haɗa ta da yuro da awa da shekara tun farko.

Wani lokaci liyezon yakan taɓa hancin ma. A *bon appétit* hancin ɓacewa yake, a ji "bo-na-peti", amma a *un ami* da *mon adresse* hancin yana nan kuma n ta fito.

Kada kuma zumuɗi ya sa ka ɗinke ko'ina. Bayan *et*, wato "da", ba a yi, gaban *onze*, wato sha ɗaya, ba a yi, haka gaban wasu kalmomi masu h. Jirgin ƙarƙashin ƙasa makaranta ce kyauta a nan: a layukan da ake kiran sunan tasha, dubi allo ka saurara. *Champs-Élysées* zai zo maka "shon-zelize", *Saint-Ouen* "san-tuwan", amma *Les Halles* "le-al" ne, babu z. Ni sai da na yi wata guda ina cewa "lezal" kafin wata tsohuwa a cikin jirgi ta gyara mini.