Yadda ake tsayar da suna kan rubutu ɗaya daga shigar da ƙara har zuwa yanke hukunci

Na yi shekaru ina aikin akawu a ofishin wani lauya a Ikeja, kuma yawancin Hausawan da ke zuwa mana daga Agege, Mile 12 da Idi-Araba ni ake tura wa su fara zama da ni. Shari'ar da ta koya mini wannan darasi ta wani dattijo ce mai kawo albasa, wanda ya bi wani abokin cinikinsa bashi. Na canja sunayen, amma mu ce wanda ake bi sunansa Sulaiman Abdulƙadir. Mun yi nasara, alƙali ya ce a biya. Da muka nemi kotu ta umarci banki ya riƙe kuɗin da ke asusun mutumin, sai bankin ya amsa da takardar rantsuwa cewa ba shi da asusu mai wannan suna. A takardar hukunci an rubuta Sulaimon Abdulkadri, a banki kuwa Suleiman Abdulqadir ne. Wanda ya buga mana takardun farko ya rubuta sunan ne yadda ya saba ganinsa a Legas, ni kuma na karanta wa Alhaji, wato dattijon, da baki, ya ce haka ne. Sai da muka koma kotu neman gyara, aka yi ta ɗage zama, alhali wanda ake bi bashin ya riga ya ji abin da ake ciki.

Abu na farko da za ka yi shi ne ka cire wa kanka tambayar wane rubutu ne daidai. Muhammad ya fi Mohammed kusa da Larabci, babu musu, amma kotu ba wannan ta zauna dubawa ba. Abin da za ka tambaya shi ne: idan an gama shari'a, wa zai karanta takardar hukuncin ya aikata abin da ke ciki? Idan kuɗi ake nema, banki ne, don haka sunan da ke kan asusu shi ne madogara. Idan fili ne ko gida, sunan da ke kan takardar mallaka. A shari'ar Alhaji, abin takaicin shi ne rubutun da muke buƙata yana cikin fayil ɗinmu tun ranar farko: rasit ɗin kuɗin da Alhaji ya taɓa tura wa mutumin ta banki, ga sunan asusun nan ɓaro-ɓaro. Ba wanda ya kalle shi da wannan ido.

Saboda haka kafin a buga ko layi ɗaya, tara duk wata takarda da sunan ya fito a kai ka baje su kan tebur: katin NIN, fasfo, lasin tuƙi, katin zaɓe, rasit na banki, yarjejeniyar haya ko ta ciniki, har wasiƙun da aka yi musaya. Ɗauki farar takarda ɗaya ka ware wa kowane mutum da ke cikin shari'ar wuri, mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu. A ƙarƙashin kowa ka kwafe sunansa harafi bayan harafi yadda yake a kowace takarda, ka rubuta daga inda ka samo shi. Kada ka kwafa daga ka. Idonka zai yaudare ka, don wanda ya san sunan A'isha zai karanta Aishat da Aishatu da Aisha duk a matsayin abu ɗaya ba tare da ya lura ba. Ni da yatsa nake bi. Sannan ka zaɓi ɗaya ka ja layi a ƙarƙashinsa, lauya ya amince, a liƙa takardar a bangon fayil ta ciki.

Akwai wuraren da sunayenmu suka fi tuntuɓe, ya kamata ka san su. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa fitowa a katin shaida ko a kwamfutar banki, don haka Ɗanjuma zai zama Danjuma, Abdulƙadir ya zama Abdulkadir ko Abdulqadir. Ko da kana kishin rubutun Hausa, bi abin da ke kan katin. Sai sunaye masu farawa da Abdul: Abdulrahman, Abdurrahman, Abdul-Rahman, Abdul Rahman. Na ƙarshen ya fi haɗari, domin tazarar nan kan sa a ɗauki Abdul a matsayin suna, Rahman kuma sunan mahaifi. Sai wasalin ƙarshe da Hausa ke ƙarawa, Muhammadu, Haliru, Yusufu, wanda wata takarda ke ɗauke da shi wata ta yar. A Legas kuma ga ƙarin abu ɗaya: Musulmin Yarabawa suna da waɗannan sunaye da nasu salon rubutu, Sulaimon, Yusuff, Aminat, Halimat, kuma hannun mai buga takarda can zai tafi da kansa. Ba mugunta ba ce, sabo ne.

Jerin sunan ma rubutu ne. Idan katin ya ce Abubakar Musa Gusau, to kada wata takarda ta ce Musa Abubakar, wata kuma ta ajiye sunan garin. Alhaji, Malam da Hajiya ba suna ba ne. Ko dai a sa su ko'ina ko a cire su ko'ina, ni na fi son a cire su. Laƙabin kasuwa kuwa, wanda kowa a Mile 12 ya san mutum da shi amma ba ya kan kowane kati, yana da nasa wurin.

Wurin nasa shi ne mataki na gaba, kuma nan ne aikin ya fi amfani. Sauran rubuce-rubucen da ba ka zaɓa ba ba za su ɓace ba, suna nan kan rasit da yarjejeniyar da za ka miƙa wa kotu a matsayin hujja. Dole a haɗa su da sunan da ka zaɓa, sau ɗaya, a fili. A kan takardar ƙara, inda ake jera sunayen masu shari'a, ana rubuta sunan da aka tsayar, a biyo shi da sauran:

```
SULEIMAN ABDULQADIR
also known as SULAIMAN ABDULKADIR
```

Sannan a cikin bayanin ƙara da kuma rubutacciyar shaidar mai ƙara da yake rantsuwa a kai, a sa sakin layi guda da ke cewa mutumin da aka rubuta kaza a rasit mai kwanan wata kaza, aka kuma rubuta kaza a yarjejeniya, mutum ɗaya ne. Daga nan har ƙarshen shari'a ba a sake amfani da kowane rubutu sai wanda aka ja wa layi. Banda wuri ɗaya: idan kana kawo abin da wata tsohuwar takarda ta ce kalma da kalma, bar sunan yadda yake a cikinta. Kuma kada ka kuskura ka sa biro a kan takardar hujja don ka daidaita suna. Gyara ɗaya a jikin rasit ya isa lauyan ɗaya ɓangaren ya wuni yana tambayar shaidarka wa ya taɓa takardar.

A Babbar Kotun Jihar Legas, bisa ƙa'idojinta na 2019, ana shigar da sammaci tare da bayanin ƙara, jerin shaidu, rubutattun shaidunsu da kwafin takardun hujja a lokaci ɗaya. Wannan ya ba ka dama guda ta duba komai kafin ya bar ofis. Buɗe kowace takarda a kwamfuta, danna Ctrl+F, ka nemi gutsuren suna maimakon cikakkensa: Sul zai kamo Sulaiman da Suleiman da Sulaimon, Abd zai kamo duk dangin Abdul. Amma ka yi hattara da Ctrl+H mai sauya komai gaba ɗaya. A gidan Bahaushe ba abin mamaki ba ne shaida da wanda ake ƙara su kasance da suna ɗaya amma katin kowa da nasa rubutu, sai ka mayar da mutum biyu ɗaya da dannawa guda. Kuma irin wannan sauyi yakan shiga har cikin wuraren da ka kawo maganar tsohuwar takarda.

Ranar rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa, idan mai rantsuwar ba ya karanta Turanci, doka ta ce a karanta masa a fassara masa, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan. Wannan yana kare ma'anar abin da ya faɗa, amma ba ya kare haruffa, don kunne ba ya bambanta Usman da Uthman idan Bahaushe ne ke karantawa. Nan ne na faɗi da Alhaji. Yanzu ina cewa, "Baba, ba ni katinka," in ajiye shi kusa da takardar in gwada da idona kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Idan kuskuren ya riga ya shiga kotu, kada a jira. Kotu tana ba da izinin gyara suna matuƙar a fili yake cewa mutumin da ake nufi shi ne aka kai ƙara, rubutun ne kawai ya karkace. Idan kuwa wani mutum daban aka sa, wannan ya wuce gyaran haruffa. Lauya zai shigar da buƙatar gyara, kuma ya fi sauƙi kafin a fara sauraren shaidu, don da zarar an fara, sau biyu kawai ƙa'idojin Legas suka yarda a gyara takardun ƙara. Takardar rantsuwa da aka riga aka rantse a kanta ba a goge ta a ofis, sabuwa ake yi.

Wasu kan ce ai sai a je a yi afidabit, wato takardar rantsuwa, cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, shi ke nan. Yana taimakawa wajen bayyana bambancin haruffa, amma yana da iyaka. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda sunaye mabambanta da ke kan takardun mataimakinsa, kuma takardun rantsuwar da aka kawo don daidaita su ba su cece shi ba. Idan sunan da ke kan takardar shaida ne ba daidai ba, hukumar da ta bayar da ita ce za ta gyara.

Dubawa ta ƙarshe tana rajistara, wato ofishin magatakardan kotu. Takardar umarni ko ta hukunci ma'aikatan kotu ne ke buga ta, ba ofishinku ba, kuma za su iya kawo nasu rubutun ko da naku ya tafi daidai tun farko. Kafin ka biya kuɗin kwafin da aka buga wa hatimi, ka tsaya a wurin ka ciro farar takardar nan daga bangon fayil, ka gwada sunan da ke saman shafi da wanda ke cikin umarnin kansa. Idan ka ga saɓani kafin alƙali ya sa hannu, magatakarda zai sake bugawa. Idan ya riga ya sa hannu, sai lauya ya nemi kotu ta gyara kuskuren alƙalami, kuma kada a kai wa banki takardar sai gyararriyar ta fito.