Naira 800 da ta kusa raba mu da kwastoma

Ina riƙe wa yayana littafin shagonsa na taki da maganin feshi a Sabon Garin Zariya. A daminar 2024 wani manomi daga Giwa ya ɗauki kayan naira 420,000 a takarda ɗaya. Ranar ya turo 200,000 ta waya, bayan mako biyu ya zo da katinsa aka cire 150,000 a na'urar POS. Da ya dawo cikon kuɗi, yaron shago ya buɗe littafi ya ce saura 70,800. Mutumin ya ce, "Haba ɗan samari, 350,000 ta fita daga hannuna. Ɗari takwas ɗin nan daga ina?"

Shi ke da gaskiya, kuskuren namu ne, kuma shi ne wanda na fi gani a shaguna: rubuta abin da ya sauka a asusu a matsayin abin da kwastoma ya biya. Na'urarmu tana yanke naira 5 a kowace dubu kafin kuɗin su shigo, don haka 150,000 ta iso a 149,250, yaron kuwa abin da ya gani a alat ya kwafe. Sauran hamsin ɗin harajin tura kuɗi ne da a lokacin ake cirewa daga mai karɓa idan kuɗin sun kai 10,000, wanda ke fitowa a sitatimen da sunan EMTL ko Stamp Duty. Yaron ya ga layin kusa da 200,000 ɗin, sai ya ɗora wa manomin.

Cajin nan ɗawainiyar shago ce, kamar kuɗin lebura ko na haya. In kana son kwastoma ya ɗauka, faɗa masa kafin ya sa kati, a rubuta a takardarsa. Gyaran da na yi shi ne ja wa littafin layi uku a gaban kowane biya: abin da ya bar hannun kwastoma, abin da banki ya yanke, da abin da ya sauka. Na farkon kaɗai ake ragewa daga bashi, kuma daga takardar da na'ura ta fitar ake kwafo shi. Na ukun shi ake gwadawa da sitatimen. A lissafin manomin, 350,000 aka biya, 800 ta tafi caji, 349,200 ta zauna a asusu, bashi ya tsaya a 70,000 cif.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, domin ba ya nuna kansa. Mutum ya ɗauki sitatimen yana neman adadin da ya yi daidai da na takardar kaya. Wanda ke biya da guntu-guntu ba za ka taɓa ganin 420,000 ɗinsa ba. Abin da za ka gani 200,000 ce, kuma ta manomin nan da sunan ƙaninsa ta shigo, tun da asusunsa aka ara. A makon kuwa akwai wani dillali daga Soba da takardarsa 200,000 ce daidai. Saura ƙiris in soke bashin dillalin da kuɗin manomi, kuma jimillar wata za ta daidaita lafiya lau, sai ranar da aka je karɓar bashi a gane an yafe wa wanda bai biya ba, ana bin wanda ya biya. Yanzu ba na liƙa kuɗi a takarda sai abu biyu sun haɗu: rasit ɗin da mai biya ya turo, da layin sitatimen mai rana da adadi iri ɗaya. Sai in rubuta lambar takardar a gefen layin da jan biro. Kuɗin da ban san mai su ba suna da shafinsu daban, suna jira.

Idan mutum na da takardu biyu ya turo kuɗi bai ce na wacce ba, tsohuwar nake fara cikewa, in aika masa saƙo ya sani.

Ƙananan cajin, irin su kuɗin alat, kuɗin kula da asusu da harajin VAT na kashi 7.5 da ke bin su, ba sa buƙatar dogon bincike. A tara su ƙarshen wata a shigar a layi ɗaya. Wanda ke buƙatar ido shi ne kuɗin da suka shigo suka koma: alat na shigowa ya riga ya zo waya, amma layin mayarwa, wanda wasu bankuna ke rubutawa RVSL, a sitatimen yake kwance. Haka kuma kuɗin katin da aka sa daren 31 ga wata na iya sauka 1 ga sabo. Kafin ka kira kwastoma ka ce bai biya ba, buɗe shafin farko na watan da ya biyo baya.