Lissafin rufe shago: kurakuran da ake yi wajen haɗa rahoton waya da littafin ciniki

Akwai wani ɗan'uwana da ke da shagon kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole, shinkafa da mai da sukari da taliya da sabulu. Wata ranar Alhamis, ranar da kasuwa ta fi cika a nan Damagaram, na same shi bayan isha'i yana shirin jawo ƙofa. Ya ƙirga kuɗin aljihun tebur, ya leƙa waya, ya tara su wuri ɗaya, ya ce mini: "Yaya, yau har rarar jaka guda muka samu." Na ce ya ba ni littafin na duba. Kafin mu tashi daga wurin, sai ga shi rarar nan ta koma giɓin jaka tara.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma shi ne uwar sauran: a tara kuɗin hannu da na waya gaba ɗaya, a gwada su da jimillar littafi, idan sun yi kusa a ce lafiya lau. Jimilla tana ɓoye ɓarna, domin rara a gefe ɗaya tana rufe giɓi a ɗaya gefen. Bari na nuna yadda ta faru a ranar.

Littafinsa ya nuna cinikin sefa 186,500. A ciki, 121,000 an rubuta kuɗin hannu ne, 53,500 ta waya, 12,000 kuma bashi. Da safe ya buɗe da canjin 10,000, da rana ya fitar da 7,500 ya biya mai burodi da mai amalanke. Ke nan aljihun tebur ya kamata ya ƙunshi 123,500, waya kuma ta karɓi 53,500, duka 177,000. Da ya ƙirga sai ya sami 118,500 a hannu, saƙonnin waya kuma sun nuna 59,500 sun shigo, duka 178,000. Daga nan ya ga jakarsa ta rara. Amma da muka raba su, sai hannu ya gaza da 5,000, waya ta haura da 6,000. Duk wanda ya ga haka ya san akwai magana.

Gyaran shi ne kowace hanya a yi mata lissafinta daban. A ja layuka a kaye: hannu, waya, bashi. Wanda yake karɓa ta Airtel Money da Nita da Amana, to kowanne da layinsa, domin kowanne da rahotonsa. Sannan a ɗauki rahoton, ko saƙonni ne ko tarihin da ke cikin manhaja, a bi shi ɗaya bayan ɗaya: kuɗi ya shigo, a nemo cinikinsa a littafi, a yi masa alama da bik a rubuta lambobi huɗu na ƙarshen lambar shaidar turawar a gefe. Idan an gama, a juya a bi littafin, a ga wane cinikin waya ne bai sami alama ba. Dole a bi ta fuska biyu. Bi ta farko tana fito da kuɗin da ba shi da ciniki, ta biyu tana fito da cinikin da ba shi da kuɗi, kuma wannan na biyun shi ne mai ciwo.

Haka muka yi. Saƙo biyu suka rage babu abokan tafiya, ɗaya na 5,000, ɗaya na 10,000. A littafi kuma cinikin 9,000 ya rage babu saƙo.

Na 5,000 bai ba mu wahala ba. Wata mata ta sayi mai, yaron shago ya rubuta a layin hannu tun kafin ta biya, ita kuma ta tura ta waya. Babu abin da ya ɓata, gurbi kawai aka sauya. Alamar irin wannan a fili take: adadin da ya ɓace a wannan layin shi ne daidai ya tsiro a wancan. Maganinsa kada a rubuta hanyar biya sai an ga kuɗin.

Na 10,000 shi ne nake so mai shago ya tsaya a kai. Ba cinikin ranar ba ne sam. Wani malamin makaranta ne da yake ɗaukar kaya a rubuta masa, albashi ya shigo, ya turo ya rage bashinsa ba tare da ya kira ba. Kuɗin ya shiga waya yau, amma kayan sun fita tun watan jiya, kuma a ranar an riga an rubuta su cikin ciniki. Idan aka lissafa shi cikin cinikin yau, an ƙirga kaya ɗaya sau biyu. Abin da ya fi wannan muni, ba a soke shi a littafin bashi ba. Ƙarshen wata sai ka je wa mutumin kirki da bashin da ya riga ya biya, ya fito maka da saƙo a wayarsa, ka rasa inda za ka sa fuskarka. Na ga zumuncin shekaru ya yi sanyi a kan irin wannan. Saboda haka biyan bashi yana buƙatar layinsa na dabam, kuma a daren nan a buɗe shafin mai bashin a rage masa, da kwanan wata da lambar shaida. Haka nan kafin alƙalami da wani ya ajiye don buhun da bai ɗauka ba, da kuɗin da ɗan'uwa ya turo daga Yamai ko Agadas don cefanen gida: duk sun shigo waya, babu ɗayansu da yake ciniki. Shi ya sa nake roƙon masu shago su ware lambar shago daga lambar gida.

Sai na 9,000. Muka kira yaron, ɗan'uwana ya tambaye shi a hankali. Ya ce: "Baba, wallahi ya nuna mini wayarsa, na ga an rubuta ya tafi." Gaskiya ya faɗa. Mai sayen ya nuna allonsa, shago cike da mutane, yaro ya gyaɗa kai ya miƙa kaya. Sai dai allon mai saye ba shaida ba ne. Shaidar ita ce saƙon da ya shigo wayarka da kuma ragowar asusunka da ta ƙaru. Da yake mai sayen ɗan unguwa ne, washegari muka same shi, aka duba, ashe ya kuskure lamba ɗaya, kuɗin ya tafi wurin wani. Shi ya ɗauki lambar shaidar ya nufi ofishin kamfanin neman a dawo masa, ya biya mu a hannu. Da baƙo ne daga ƙauye ya zo cin kasuwa ya wuce, an tashi ke nan. Akwai kuma masu turo saƙon ƙarya daga lambar waya ta kowa da kowa, an kwaikwayi rubutun kamfani. Ana gane shi ta wurin duba wanda ya aiko, sannan a duba ragowar asusu. Saƙo yana iya zama na bogi, ragowar ba ta ƙaruwa sai kuɗi ya shigo.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da kaɗan ne suke yi: rubuta ragowar waya da safe. Yadda kake ƙirga canji kafin ka fara, haka za ka rubuta abin da ke cikin asusu. Da dare lissafin ɗaya ne: ragowar safe, a ƙara abin da ya shigo, a cire abin da ya fita har da kuɗin da kamfani ya yanka, dole ya ba da ragowar dare. Idan bai bayar ba, akwai saƙon da aka goge ko wanda bai iso ba, ko kuma ka biya dillali daga wayar ka manta. Wanda ya dogara da tara saƙonni kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba.

Akwai wani kuskure namu na gida, wato dala da sefa. Da baki muna cewa ɗari biyar, muna nufin dala, wato sefa 2,500. Yaro sabon zuwa sai ya rubuta 500 kamar yadda ya ji, waya kuwa sefa take nunawa. Da dare ka ga 2,500 a saƙo, ka nema a littafi ka rasa. Duk lokacin da adadin saƙo ya ninka na littafi sau biyar cif, kada ka wahalar da kanka, dala ce. A tsayar da doka ɗaya a shago: baki ya yi dala, bik ya yi sefa. Wanda yake karɓar naira daga masu zuwa ta Magarya ko Matamai, ya rubuta nairar yadda take da farashin canjin da ya karɓa a lokacin, ya ajiye ta a leda dabam, domin farashin safe ba lalle ya kai dare ba.

Ƙananan rarar da ke fitowa a waya, ɗari biyu nan, ɗari uku can, yawanci kuɗin cirewa ne da mai saye ya ɗora a kai. Kayan 10,000, ya turo 10,200. Ciniki 10,000 ne; ɗari biyun a rubuta ta a gefe, don ranar da ka je cirewa za ta fita. Haka wanda ya turo maka ta waya ya ce ka ba shi a hannu: ba ciniki ba ne, musaya ce, a rubuta ta shiga a waya, fita a hannu.

Sai batun lokaci. Kai ka rufe ƙarfe tara, rahoton manhaja kuwa yana bin kwanan wata har sha biyun dare. Idan rezo ya yi nauyi, saƙon cinikin magariba yana iya isowa bayan ka kwanta. Ka ja layi a ƙarƙashin cinikin ƙarshe, ka rubuta lokaci da lambar shaidar saƙon ƙarshe da ka haɗa. Cinikin da saƙonsa bai iso ba a rubuta masa "ana jira" da lambar mai saye, kada a soke shi, kada kuma a ce an biya. Da safe daga wannan layin za ka fara, kafin ka sayar da ko ashana.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a gyara littafi don ya yi daidai da kuɗi: a goge, a ƙara ciniki na ƙirƙira, ko a zura hannu aljihu a cike. Idan an bi duk hanyoyin nan kuma saura 750 ba a gano ba, a rubuta "giɓi 750" da kwanan wata a bar shi. Bayan mako biyu ka duba waɗannan layukan. Idan giɓin yana yawo, yau ƙasa gobe sama, kuskuren canji ne a lokacin cunkoso. Idan kullum ƙasa yake, kuma a ranakun da mutum ɗaya yake kan tebur, sai a zauna da shi da littafin a gaba. Kafin nan bai kamata a ɗora wa yaro zargi ba. A daren da nake ba ku labari, da jimillar hannu kaɗai aka duba, da an ce ya ɗauki jaka biyar, alhali tana cikin wayar maigidansa.

Ga yadda shafin ranar ya ƙare bayan gyara: cinikin hannu 116,000, wanda da canjin safe da abin da aka fitar ya ba da 118,500 ɗin da ke aljihun tebur, cinikin waya da ya shigo 49,500, ana jira 9,000, bashi 12,000, duka 186,500 kamar yadda littafi ya faɗa tun farko. Biyan tsohon bashi 10,000 yana layinsa, an kuma rage shi a shafin malamin. Aikin bai kai rabin awa ba, muka kashe fitila muka rufe.