Yadda ake zaɓen hashtag ba tare da an faɗa zauren da ba naka ba

Ƙanwata tana sayar da shinkafa 'yar gida a Birnin Kebbi. Tana saro ta daga Argungu da Suru, ta gyara, ta ɗura a buhu, ta aika wa masu saye a mota zuwa Sakkwato, Gusau, wani lokaci har Abuja. Ran nan ta miƙo mini wayarta tana cewa, "Yaya, duba mini. Na sa hashtag ya fi ashirin, mutane sun kalla, amma ko mutum ɗaya bai tambayi kuɗin buhu ba." Da na duba sai na ga #love, #viral, #fyp, da sunan wani ɗan ƙwallo da ake ta zancensa a makon. Mutane sun gani kam, sai dai babu mai neman shinkafa a cikinsu. Ga yadda muka sake zaɓen, kuma haka zan ba kowa shawara ya yi.

Fara da ajiye wayar. Ka tambayi kanka wa kake so ya ga abin, kuma me zai rubuta in yana nemansa. Mai sayen shinkafarta uwargida ce ko mai gidan abinci, a garin da motar tasha ke zuwa. Irin wannan za ta rubuta shinkafa, ko Kebbi, ko sunan garinta. Daga nan muka fitar da kalmomi kusan goma a takarda.

Sai ka shigar da kowace kalma a wurin bincike na manhajar da kake amfani da ita. Instagram da TikTok suna nuna adadin abubuwan da aka wallafa a ƙarƙashin hashtag, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Suna ganin miliyoyi sai su ɗauka miliyoyin masu kallo ne. A'a, adadin waɗanda kake gogayya da su ne. Hashtag irin #food ana zuba masa sabon abu kowane daƙiƙa, naka zai nutse kafin ka mayar da wayar aljihu. Wanda kuma ke da wallafa bakwai kacal, ta ƙarshe tun bara, kango ne, ba mai leƙawa. Abin da kake nema yana tsakani: wanda ake wallafawa a cikinsa a wannan makon, amma ba da yawan da zai binne ka ba.

Bayan adadi, buɗe shi ka karanta. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ya fi sauran nauyi. Duba wallafa ashirin na farko, ka lura da harshen da ake yi, da garuruwan masu yin, da abin da ake nunawa. Da muka buɗe #rice, girke-girken ƙasashen Asiya muka tarar, sai muka soke shi. #shinkafa kuwa Hausawa ne, masu girki da masu sayarwa. #BirninKebbi ƙarami ne, amma kusan duk wanda ke ciki zai iya karɓar buhu a ranar da ya biya. A ƙarshe ta tsaya kan huɗu: #shinkafa don abin sayarwa, #BirninKebbi don gari, #KebbiRice don 'yan Kudu da suka san shinkafar jihar tun zamanin Lake Rice da Kebbi da Legas suka fito da ita a 2016, sai ɗaya mai faɗi, #Arewa. Huɗu sun isa. Instagram da kansa uku zuwa biyar ya ba da shawara a 2021.

Akwai wani tarko da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Hashtag ba ya ɗaukar tazara ko alamar rubutu, yana yankewa a inda ya ci karo da su. In ka rubuta #sana'a, abin da zai zama hashtag shi ne #sana kawai. Haka kuma #ƙosai da #kosai za su iya kai ka wuri biyu daban, kuma yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a waya. Ina son a rubuta Hausa daidai, don haka a jikin bayani nake sa ƙ da ɗ, a hashtag kuma in bi yadda masu nema ke bugawa.

Yanzu batun abin da ke tashe. Kwaɗayinsa a fili yake: jama'a sun taru wuri guda, kai kuma kana da haja. Amma taro iri-iri ne, akwai na biki, akwai na zaman makoki, kuma daga sunan kaɗai ba ka iya bambancewa. A watan Satumbar 2014 kamfanin fiza na DiGiorno a Amurka ya ga #WhyIStayed yana tashe a Twitter, ya liƙa tallarsa a ciki da raha. Ashe mata ne ke ba da labarin dalilin da ya sa suka zauna da mazajen da ke dukansu. Kamfanin ya goge, ya yi ta ba da haƙuri, ya kuma amsa cewa bai karanta abin da ake tattaunawa ba.

Mu a nan abin ya fi kusa da gida, domin sunan garinka ma yana iya sauya ma'ana cikin dare ɗaya. A watan Yunin 2021, da aka sace ɗalibai a Birnin Yawuri, duk mai bincika Kebbi ko Yawuri labarin yaran yake nema. Wanda ya saka hoton buhun shinkafa da farashi a ƙarƙashin sunan jihar a ranakun, ya tsaya talla ne a tsakiyar iyayen da ke kuka, ya kuma tura labarin da ake buƙata ƙasa. Shi ya sa ko hashtag ɗin da ka saba da shi, sai ka sake buɗe shi a ranar da za ka wallafa. A X, wato Twitter ta da, ka danna Latest don ganin abin da ake faɗa a lokacin. Ka sani kuma dokokin X sun hana cusa abin da ba shi da alaƙa cikin maudu'in da ke tashe, suna ɗaukarsa shara, kuma ana iya taƙaita shafi saboda shi.

Ba duk tashe ne abin gudu ba. Gwajin da nake yi shi ne: in wanda ya zo don maudu'in ya ga abin da na saka, zai ji ya dace da abin da ya kawo shi? Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bidiyon fadamar Argungu da manoman da take saro shinkafa a wurinsu ya dace da #Argungu, domin baƙi garin suke son gani, kuma ana baje kolin amfanin gona a bikin. Hoton buhu da lambar waya kaɗai bai dace ba.

Daga nan sai awo. Ka riƙe hashtag ɗinka yadda suke na mako biyu, sannan ka sauya ɗaya tak, don ka san wanne ya kawo bambanci. In shafinka na kasuwanci ne, Insights, wato sashen ƙididdigar shafin, zai nuna garuruwan da masu kallonka suka fi yawa. Alamar kuskure ita ce kallo ya hau, tambaya ta ragu, garuruwan kuma su zama waɗanda ba ka aika kaya. Ƙanwata ta buɗe shafi a littafin cinikinta, duk wanda ya turo saƙo tana tambayarsa a ina ya gan ta, ta rubuta garinsa a gefen kwanan wata.